Font na kyauta: yadda za ka gane mai ɗauke da bairos da wanda ba ka da izinin amfani da shi

"Assalamu alaikum. Ina ɗan yin dizain, kwastoma ya ce tambarin kamfaninsa da Gotham yake so. Na samu wani shafi da suka ce kyauta ne amma abin da ya sauko zif ne mai fasiwod, sai na ji tsoro ban buɗe ba. Dan Allah ya ake gane font mai lafiya, kuma idan an ce kyauta ne zan iya yin aikin kuɗi da shi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Goge wannan zif ɗin tukunna, har daga cikin `Recycle Bin`, sannan mu yi magana. Gotham ba kyauta ba ne kuma bai taɓa zama kyauta ba. Tobias Frere-Jones ne ya zana shi a shekarar 2000 a kamfanin Hoefler, yanzu kuma yana hannun Monotype tun da suka sayi kamfanin a 2021, sayar da shi ake yi. Toh duk shafin da ya ce maka zo ka sauke shi kyauta ya riga ya yi maka ƙarya tun daga bakin ƙofa, kuma wanda bai ji kunyar raba kayan wani ba, ba zai ji kunyar cusa maka wani abu a cikin kunshin ba. Shi ya sa ni ba na raba maganar bairos da maganar lasisi, kusan kullum daga wuri ɗaya suke fitowa, wato ka karɓi fayil daga hannun wanda ba shi ya yi shi ba.

Bari mu fara da fayil ɗin kansa. Font da za ka saka a kwamfuta ƙarshen sunansa `.ttf` ne ko `.otf`, na shafukan intanet kuma `.woff` ko `.woff2`. Font ba manhaja ba ce, ba ya buƙatar wata manhajar da za ta saka maka shi, kai dai ka danna shi sau biyu, tagar da ke nuna haruffan ta buɗe, ka danna `Install`, shikenan. In ka ga `.exe` ko `.msi` ko `.scr` ko `.bat` ko `.js`, ko `.apk` a waya, wannan ba font ba ne ko da sunansa ya rantse. Matsalar ita ce Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil in ba kai ka ce ya nuna ba, su kuma masu wannan harkar sun san haka, sai su sa wa abin suna `Gotham-Bold.ttf.exe`, kai kuma a allonka `Gotham-Bold.ttf` kawai za ka gani, har da hoton font suke manna masa. Ka buɗe `File Explorer`, ka je `View`, sai `Show`, ka kunna `File name extensions`. A Windows 10 akwatin yana nan a saman `View` ɗin kai tsaye. Wannan ka yi shi yau, ko ba ka sauke komai ba.

Wata alamar da take saurin tona asiri, Windows na yanzu yana bari ka saka font wa kanka ba tare da izinin mai kula da kwamfutar ba, sai in ka zaɓi `Install for all users` ne yake tambaya. Saboda haka in ka danna abin da ake cewa font ne, allon ya yi duhu, ya fito da `Do you want to allow this app to make changes to your device?` alhali ba ka zaɓi wancan ba, ka danna `No` kawai, manhaja ce ke son shiga.

Shi kuma fasiwod ɗin da suka sa a kan zif, ba don su kare ka ba ne. Manhajar tsaro da burauza suna leƙa cikin zif lokacin da yake saukowa, in an kulle shi da fasiwod ba sa iya ganin abin da ke ciki, sai ya wuce salin alin, sannan su rubuta maka fasiwod ɗin a shafin ko a sunan fayil ɗin domin ka buɗe da hannunka. Ka yi tunani, mutum yana raba abu kyauta ga duk duniya, fasiwod ɗin ma a fili yake, to wa yake ɓoye wa? Na'urar bincike kawai. Girma ma yana magana. Font ɗaya na haruffan boko yawanci daga 'yan gomman kilobait ne zuwa 'yan ɗaruruwa, na Sinanci ko Jafananci ne ke kai megabait da yawa saboda dubban haruffa. In kunshin nauyi biyu ko uku na font ɗaya, wato kaurin harafi irin Bold da Light, ya zo maka da megabait 80, akwai abin da ba haruffa ba a ciki.

In kana son tabbaci fiye da suna, kowane irin fayil yana da tambarinsa a farkon cikinsa wanda canza suna ba ya gogewa. Buɗe `PowerShell` a cikin foldar ka rubuta:

```
Format-Hex .\sunan-font.ttf | Select-Object -First 1
```

Font na gaske zai fara da `00 01 00 00` in `.ttf` ne, ko ka ga `OTTO` a gefen dama in `.otf` ne, na intanet kuma `wOFF` ko `wOF2`. In ka ga `MZ` to manhajar Windows ce aka canza wa suna. Ba kullum nake yin wannan ba, amma in fayil ya fito daga wurin da ban natsu da shi ba, daƙiƙa goma ce.

Sai dai gaskiya yawancin mutanen da aka cuta a wannan hanyar ba ma su kai ga font ɗin ba, a shafin aka kama su. Za ka ga maɓallin `Download` har uku ko huɗu, manya masu kore, ainihin na gasken kuma ɗan ƙarami a gefe. Manyan nan talla ne. Ka ɗora linzamin kwamfuta a kan maɓalli ba tare da ka danna ba, ka duba ƙasan burauza ta hagu, za ka ga adireshin da zai kai ka, in ba sunan shafin da kake ciki ba ne ka bar shi. Haka in aka ce sai ka danna `Allow` kafin a ba ka fayil, izinin turo maka sanarwa ne kake bayarwa, daga nan kullum sai ka ga saƙon ƙarya a kusurwar allo cewa kwamfutarka ta kamu. In ka riga ka danna, a Chrome ka rubuta `chrome://settings/content/notifications` ka cire shafin. Akwai kuma sabon salon da ya yi yawa yanzu, shafi ya ce ka tabbatar kai mutum ne ta hanyar danna `Win+R` sannan `Ctrl+V` sannan `Enter`, wlh kar ka yi, umarni ne suka riga suka kwafa maka kake zartarwa da hannunka. Kuma wannan wasa da sunan font ba yau aka fara ba, a 2017 an yi ta kutsawa cikin shafuka ana hargitsa rubutunsu da gangan, sai saƙo ya fito wa masu Chrome cewa ba a samu font ɗin HoeflerText ba, su sauke su gyara, abin da ke saukowa `Chrome_Font.exe` ne, wasu ma manhajar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa suka samu.

Za ka iya tambaya, to in `.ttf` ne na gaske, an tsira kenan? Kusan, amma ba ɗari bisa ɗari ba. Fayil ɗin TrueType, wato `.ttf`, yana ɗauke da wasu ƙananan umarni da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta daidaita harafi a kan allo, kuma in ɓangaren da ke karanta su yana da rauni, ana iya ƙera font da gangan ya bi ta wurin. Wani bairos mai suna Duqu a 2011 ta haka ya shiga, font ne aka dasa a cikin takardar Word. A 2020 an samu rauni a FreeType, ɓangaren da ke karanta font, aka yi amfani da shi kan masu Chrome, a 2023 kuma Kaspersky suka bayyana wani hari kan iPhone da ya bi ta wani tsohon umarnin TrueType. Amma ka lura irin waɗannan hare-hare masu tsada ne, manyan mutane da hukumomi ake hara da su, kuma da an gano ake toshewa. Tun Windows 10 ma an fitar da karanta font daga zuciyar tsarin an mayar da shi wani keɓaɓɓen wuri mai ƙarancin iko. Maganin a nan ba wata dabara ba ce, ka riƙa sabunta Windows da burauza. Wanda ke kan Windows 7 har yanzu yana tara font daga ko'ina, shi ne nake ji wa tsoro. Za ka iya ɗora fayil a shafin VirusTotal manhajojin tsaro da dama su duba shi a lokaci ɗaya, amma ka sani abin da ka ɗora yana zama a wurinsu kuma masu bincike na iya samunsa, saboda haka kar ka ɗora font ɗin da ka saya ko fayil ɗin kwastoma. Kuma in ya fito babu ja ko ɗaya, ma'anarsa ba a san shi da sharri ba tukun, ba shaidar tsarki ba ce.

Yanzu maganar lasisi, wadda a ganina ita ce za ta fi taɓa ka a aikin da kake yi, don bairos sau ɗaya za ka koyi gane shi, lasisi kuwa kowane font da nasa. Font ba sayensa ake yi kamar littafi ba, izinin amfani ake ba ka, kuma izinin kashi-kashi ne. Akwai na sakawa a kwamfuta ka yi dizain ka buga, akwai na ɗorawa a shafin intanet, akwai na sakawa cikin manhajar waya, kuma samun ɗaya ba ya nufin ka samu sauran. Kalmar `free` ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai cewa ba a karɓi kuɗi wajen saukewa ba.

Ɗauki DaFont misali, tunda kowa can yake fara zuwa. A saman maɓallin saukewa za ka ga an rubuta `Free for personal use` ko `100% Free` ko `Demo` ko `Donationware` ko `Public domain / GPL / OFL`. Na farkon shi ne ya fi yawa kuma shi ke jefa mutane cikin matsala. Ma'anarsa abin da za ka yi wa kanka wanda babu kuɗi ko kasuwanci a ciki, kamar ka yi wa ɗanka katin murna. Da zarar an biya ka, ko kuma abin talla ne na wata sana'a ko da ba a biya ka ba, ko hoton fuskar bidiyo ne a tashar YouTube da ke kawo kuɗi, ka fita daga wannan izinin. Tambarin kwastomanka kuwa ba ma sai an yi musu ba. Shi kuma `100% Free`, wanda ya ɗora font ɗin ne ya zaɓi wannan lakabin da kansa, shafin ma ya faɗa cewa rubutun da ke saman maɓallin manuniya ce kawai, ka duba takardar da ke cikin zif ko shafin mai font ɗin. Saboda haka ka buɗe `readme.txt` ko `license.txt` ka karanta, in sun saɓa da abin da shafin ya ce, na cikin zif ɗin za ka bi. In babu takarda kwata-kwata, kar ka ɗauka shiru izini ne, in mai abu bai ce komai ba haƙƙinsa yana nan a hannunsa. Ka nemi adireshin imel ɗinsa ka tambaya, ka ajiye amsar. `Demo` kuma sau da yawa an cire masa lambobi ko wasu alamomi, sai ka gama aiki ka zo rubuta lambar waya ka ga akwatuna. Af, ko wane font ne ma, kafin ka yi nisa ka gwada ƙ da ɗ da ɓ in akwai su a rubutun, da yawa ba su da su, amma irin su Noto Sans da Andika da Charis suna da su.

Akwai kuma shafukan da ke kwaso font daga ko'ina su zuba, su manna wa duka `free`. Font yana ɗauke da bayanin mai shi a cikinsa, ka danna dama a kan fayil ɗin, `Properties`, sai `Details`. Za ka ga `Copyright` da `Company` da `License description` da `Font embeddability`. In shafi ya ce kyauta amma a nan ka ga Monotype ko Linotype ko Hoefler, kuma bayanin lasisin yana maganar yarjejeniyar saye, to kwafin sata ne. Ka kula dai, ganin `Copyright` kaɗai ba laifi ba ne, font na kyauta ma suna da shi, layin lasisin ne abin dubawa. In kuma duk gurabun nan fayau suke babu komai, a font mai kyau da ka san an sha wahala a kansa, ni ina ɗaukar cewa wani ne ya goge. Shi `Font embeddability` in ya nuna `Restricted` yana nufin ba a yarda a cusa shi cikin takarda kamar PDF ba, amma ko ya nuna `Installable` ba shi ne lasisi ba, mutane suna ruɗa wannan sosai.

Abin da nake so ka nema shi ne SIL Open Font License, wanda ake taƙaitawa OFL, sigar 1.1 da ta fito a 2007. In ka buɗe zif ka ga `OFL.txt` hankalinka ya kwanta. Ya yarda ka yi aikin kuɗi, tambari, littafi, riga, shafin intanet, manhaja, ya yarda ka gyara haruffan, ya yarda ka ba wani fayil ɗin. Kuma abin da ka ƙirƙira da shi naka ne, lasisin bai bi shi ba. Sharuɗɗansa kaɗan ne: ba za ka sayar da font ɗin shi kaɗai ba, in za ka raba shi dole takardar lasisin ta tafi tare da shi, in kuma ka gyara shi kana so ka raba kuma mai shi ya keɓe sunan, abin da suke rubutawa `Reserved Font Name`, sai ka sa masa wani suna. Mafi yawan abin da ke Google Fonts a kan OFL yake, kaɗan a kan Apache, duka kuma an yarda a yi kasuwanci da su. Font Squirrel suna tace waɗanda aka yarda a yi aikin kuɗi da su, amma ka duba ƙananan alamomin da ke nuna ko izinin ya haɗa da intanet da manhaja, ba duka ba ne. Fontshare na Indian Type Foundry suna da kaya masu kyau ƙwarai kuma kyauta har ga kasuwanci, sai dai da yawansu a kan lasisin kamfanin suke, wanda bai yarda ka raba fayil ɗin ba, kowa ya je ya sauke nasa.

To ga yadda zan yi da aikinka. Hanya biyu ce. Ka gaya wa kwastoma Gotham na kuɗi ne, in shi yake so lallai ya sayi lasisi da sunan kamfaninsa daga masu shi, nauyin da za a yi amfani da shi kawai, ba sai duk iyalin ba, kuma a karanta abin da lasisin ya ce game da tambari da yawan kwamfutocin da za a saka shi. In bai shirya biya ba, ka je `fonts.google.com`, ka rubuta adireshin da hannunka kar ka bi ta talla, ka nemi Montserrat na Julieta Ulanovsky. Ba kwafin Gotham ba ne, ya ɗan fi shi faɗi, in ka jera su za ka ga bambanci, amma yanayinsu ɗaya ne kuma in ka ɗan matse tazarar haruffan a manyan baƙaƙe yawancin kwastomomi suna gamsuwa. Ka rubuta sunan kamfanin da shi a nauyi biyu ka nuna masa. Haka in wani ya ce Futura ka duba Jost, in Helvetica ne ka duba Inter.

Kar ka ce ai zan mayar da rubutun zane, wato `Create Outlines`, ba wanda zai gane. Wannan ba ya halatta fayil ɗin da ka yi aikin da shi, kuma wanda ya san font daga siffar harafi yake gane shi. PDF ma yana lissafa sunayen font da ke cikinsa a `Properties`, na shafin intanet kuwa kowa na iya gani a burauza, kamfanonin font suna bi suna dubawa. Takardar neman biya in za ta zo, wurin kwastoma take zuwa tunda sunansa ke kan tambarin, shi kuma kai zai nema. Ko manya ba su tsira ba, a 2009 Font Bureau ya kai NBC Universal ƙara yana neman dala miliyan 2 kan amfani da font fiye da abin da lasisi ya yarda. Shi ya sa a kowane aiki ka buɗe folda ka sa font ɗin, da takardar lasisinsa, da hoton shafin da ka sauke shi inda ranar ke fitowa, domin masu font suna canza sharaɗi daga baya, jiya kyauta yau na kuɗi, kuma wannan foldar ce za ta nuna a kan wane sharaɗi ka karɓa.

Ka ce ba ka buɗe zif ɗin ba, alhamdulillah, saukewa kaɗai ba ta kunna shi. Amma in akwai wani can baya da ka taɓa dannawa ya nemi izini ka ba shi sannan babu abin da ya fito, kar ka ce ai bai yi aiki ba, irin waɗannan a shiru suke kwashe fasiwod da ke ajiye a burauza da kuma bayanan da ke riƙe ka a cikin asusunka ba tare da ka sake shiga ba. Ka cire intanet daga kwamfutar, ka shiga `Windows Security`, `Virus & threat protection`, `Scan options`, ka zaɓi binciken `Offline scan` na Microsoft Defender, zai sake kunna kwamfutar ya duba kafin Windows ya tashi. Sannan daga wata na'urar daban, ba wannan ba, ka canza fasiwod, ka fara da na imel tunda ta nan ake dawo da sauran, ka zaɓi fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In binciken ya kama wani abu kuma kana shiga asusun banki ko na kwastomomi a kwamfutar, ni shawarata ka kwashe takardunka ka sake saka Windows daga farko.